Idan Abokinka Ya Kawo Maka Waƙarsa, "Madalla" Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Jama'a, akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a tsakanin masu ilmi, musamman malaman makaranta da akawuna, wadda ya kamata mu tsaya mu duba ta da idon basira. Mutum zai kwana bakwai yana fama da alƙalami, ya tsara waƙa, ya kawo wa abokinsa ya ce, "Malam, duba mini wannan." Abokin sai ya karɓa, ya bi ta da ido sama-sama, ya miƙa masa abarsa ya ce, "Kai, madalla! Allah ya ƙara basira." Shi ke nan, an rabu kowa yana murmushi. Mai waƙa ya tafi da zaton an duba masa, alhali kuwa ba a duba kome ba.

Ra'ayina shi ne wannan madalla ba kirki ba ce, gudun nauyi ne. Waƙa ba wasiƙa ba ce da za a ninke a sa a aljihu. Don a rera ta aka yi ta, ko a taron makaranta, ko a gidan rediyo, ko kuwa a kai ta wurin masu ɗaukar murya a biya kuɗi a naɗe ta. Aibin da ka gani ka yi shiru, ran nan jama'a za su ji shi da kunnuwansu, kuma su ba za su yi masa kara ba. Ka ga ke nan ba ka tsare abokinka daga jin zafi ba. Jinkirta masa zafin ka yi, har zuwa ranar da babu sauran damar gyara.

Akwai kuma wani mutum da ke can ɗaya gefen, mai alfahari da cewa shi ba ya ɓoye gaskiya. Shi in an ba shi waƙa sai ya ce, "Wannan ai ba waƙa ba ce, surutu ne." Yana jin ya yi jarumtaka. To, wannan da mai madalla, a wurina ɗan juma ne da ɗan jummai. Dukansu biyu sun yanke hukunci a kan waƙa dungum, ba wanda ya sa yatsa a kan ɗango guda ya ce ga abin da ya gani. Mai waƙa ya bar wurin na farko bai ƙaru da kome ba, ya bar wurin na biyu bai ƙaru da kome ba sai ɓacin rai.

Ku akawuna kun san wannan a aikinku. In an ba ku littafin kuɗi ku bincika, ba ku cewa, "Lissafin nan bai yi mini daɗi ba." Cewa kuke yi a shafi kaza, layi kaza, an tara ba daidai ba. Ku malamai kuma in kuna duba littattafan yara, kukan ja layi ƙarƙashin kalmar da aka ɓata, ba ku tsage shafin duka ba. Abin da nake kira gare shi ke nan game da waƙar aboki. Gaskiya da kirki ba su faɗa da juna in dai maganar ta sauka a kan wani ɗango sananne, tare da dalilin da shi mai waƙar zai iya gwadawa da kunnensa.

Kada Ka Duba Da Ido Kaɗai

Kafin ka ce uffan, ka roƙi mai waƙa ya rera maka ita da bakinsa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a nan ba don daɗi kaɗai ba ne, akwai dalili na ilmi. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuwo da shi duk "gari" ake rubutawa, alhali a baki na farko gaɓarsa ta fari gajeriya ce, na biyu kuwa ja ake yi. Karin rubutacciyar waƙa kuwa a kan wannan bambanci aka gina shi. Saboda haka wanda ya duba waƙa a takarda bai ji ta ba, kamar wanda ya sayi doki ne bai ga tafiyarsa ba. Ku tuna da Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji. Makaho ne, bai ga baƙi a takarda ba, amma kunnensa ya ishe shi ma'auni.

Sa'an nan ka yi masa tambaya biyu. Ta farko, don wa aka yi waƙar, kuma a ina za a rera ta? Waƙar da yaran firamare za su rera a fili ba a auna ta da ma'aunin wadda za a karanta gaban malamai. Ta biyu, yaushe ne ranar? In saura mako uku, kana da filin faɗin duk abin da ka gani. In kuwa gobe ne da safe, to, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai ka zaɓi abu guda wanda zai gyaru a daren nan, sauran ka ajiye sai an dawo.

Misali

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki, don magana ba misali ba ta zama a zuciya. A ce abokinka malami ne a wata makarantar ƙauye. Ya tsara waƙar damina mai baiti 20, kowane baiti ɗango biyu, watau irin wadda ake kira 'yar ƙwar biyu, yana so yara su rera ta ranar taron iyaye nan da mako uku. Ga baitinsa na farko:

Ruwa ya zubo yau, manoma ku zo,
Mu koma ga gona da ƙoƙon iri.

Aikinka na farko shi ne ka gano ma'aunin da shi kansa ya ɗaukar wa kansa, don da shi za ka auna sauran, ba da naka ba. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne wajen awo. Akwai mai sauƙi, watau baƙi da gajeren wasali, kamar "ru" a cikin "ruwa". Akwai mai nauyi, watau wadda wasalinta ke da tsawo kamar "go" a cikin "gona", ko wadda baƙi ya rufe ta kamar "ƙon" a cikin "ƙoƙon", ko mai tagwan wasali kamar "yau". In ka rera ɗangon farko kana buga yatsa a tebur za ka ji yana tafiya haka: ta-tan-tan, ta-tan-tan, ta-tan-tan, ta-tan. Mai sauƙi guda, masu nauyi biyu, har sau uku, sa'an nan a rufe da mai sauƙi da mai nauyi. Gaɓa 11 ke nan. Ɗango na biyu ma haka yake tafiya, ba ƙari ba ragi.

Masu ilmin aruli suna kiran wannan kari Mutaƙarab. Yana cikin karuruwan da Halilu ɗan Ahmadu, malamin Basra, ya tsara wa waƙar Larabci a ƙarni na 8, kuma a 1975 Malam M. K. M. Galadanci ya yi rubutu ya nuna yadda rubutattun waƙoƙin Hausa suke hawa irin waɗannan karuruwa. Amma fa ba dole ne ka san sunan ba kafin ka taimaki abokinka. Yatsa da kunne sun isa. Sai kuma ka lura da ƙarshen baitin. Ya ƙare da "ri", saboda haka ya yi wa mai sauraro alkawari cewa kowane baiti da "ri" zai ƙare. Wannan shi ne babban amsa-amo, ko ƙafiya.

Fara Da Yabo, Amma Yabo Mai Suna

Yabon gwani ya zama dole, amma yabo ma yana da nasa sharaɗi. In ka ce "waƙar ta yi kyau" ba ka gaya masa abin da zai sake yi gobe ba. Ka ce masa, "Malam, ka ga ƙoƙon irin nan? Shi ya ɗaga baitin. Da ka ce mu koma ga gona mu yi aiki, da ba wanda zai ga kome. Amma da ka ambaci ƙoƙo, duk yaron da ya taɓa bin ubansa shuka sai ya gan shi a hannunsa." Wannan yabo gaskiya ne, kuma darasi ne. Ya koya masa cewa ƙarfinsa yana wurin ambaton abin da ido ke gani.

Amfaninsa na biyu shi ne, yabo irin wannan shi ke shaida masa cewa lalle ka saurara. Mutum ba ya karɓar gyara daga wanda bai tabbata ya ji waƙarsa ba. Amma ina gargaɗi, kada ka ƙago yabo don ka share fagen suka. Mawaƙi ya san baitin da ya sha wuya a kansa da wanda ya cike gurbi da shi kawai. In ka yabi na cike gurbi, nan take zai gane ladabi kake yi, daga nan kuma duk abin da ka faɗa ya zube. In ka nema da gaske, da wuya ka rasa ɗango guda mai rai cikin baiti 20.

Inda Kari Ya Karye

Yanzu ga baitinsa na 7:

Idan ka yi barci a wannan wata,
Lalle za ka sha wahala cikin gari.

Ɗangon farko lafiya lau yake, ta-tan-tan har ƙarshe. Na biyun fa? Ka buga yatsa ka ji. Maimakon ya fara da gaɓa mai sauƙi, ya fara da "lal" mai nauyi. A tsakiya kuma "wa" da "ha" na "wahala" masu sauƙi biyu sun zo a jere, abin da bai faru ba a sauran waƙar. In ka ƙidaya za ka tarar gaɓa 12 ce, ba 11 ba. Alamar da za ka gane irin wannan wuri tun kafin ƙidaya ita ce, shi mai waƙar da kansa in ya zo nan sai ka ji ya yi sauri, ko ya haɗiye wata gaɓa, ko ya ja numfashi inda ba a ja. Shi ya saba da ramin, ya san yadda zai tsallake. Yara 40 da za su rera tare ba su sani ba, nan za su watse, wasu na gaba wasu na baya, gaban iyayensu.

Yaya za ka faɗa masa? Kada ka ce, "Ba ka iya kari ba," domin ƙarya ne, mutumin da ya daidaita ɗango 39 ya iya. Ka ce, "Malam, sake rera mini baiti na 7, ni kuma in buga tebur." In ya rera, hannunka da bakinsa za su rabu a "lalle", shi da kansa zai ji. Sa'an nan ka ce, "Sauran ɗangogin duk da gajeriyar gaɓa suka fara, wannan kaɗai ya fara da doguwa, kuma ya fi su da gaɓa guda." Ka ga ba kai ka yi hukunci ba. Baitinsa na farko ne ya yi wa na 7 hukunci, kai shaida ne kawai.

A nan ne kuma yawancinmu muke zarce gona da iri. Da mun ga rami sai mu karɓe alƙalami mu rubuta masa namu ɗangon. Kada ka yi haka. In ka cika masa waƙa da kalmominka, ranar taro za a yaba masa a kan abin da ya san ba nasa ba ne, kuma in ya zo tsara ta gaba ramin nan yana nan yana jiransa. Ka nuna wurin, ka faɗi dalili, ka bar shi ya kwana da abin. Mai yiwuwa ne ya komo da irin wannan:

Idan ka yi barci a wannan wata,
Makomarka roƙon mutanen gari.

Ka auna ka ji, gaɓa 11 cif, ta-tan-tan ta komo. Ka kuma lura da ribar da aka ci a kan hanya. "Wahala" kalma ce mai faɗi, ba ta nuna kome. "Roƙon mutanen gari" kuwa abu ne da ake gani, kuma duk manomi yana jin kunyarsa. Sau da yawa gyaran kari yakan tilasta wa mawaƙi ya nemo kalmar da ta fi ta farko.

Inda Ƙafiya Ta Ja Shi Da Ƙarfi

Aibi na biyu ya fi wuyar kamawa, domin kunne ba ya tuntuɓe da shi. Ga baiti na 11:

Mu gode wa Allah da wannan rabo,
Hatsi mai yawa zai fito har fari.

Karin daidai yake, "ri" kuma ta zo a wurinta. Amma mene ne "har fari"? Farin hatsi ake nufi, ko kuwa farin da ke ƙone shuka in ruwa ya ɗauke? Abin da ya faru a bayyane yake. Mawaƙi ya zo ƙarshen ɗango yana bukatar kalma mai ƙarewa da "ri", ya riga ya ci "iri" da "gari", sai ya kamo wadda ta fi kusa. Ƙafiya ce ta ja shi, ba ma'ana ba. Wannan cuta tana kama duk mai dogon zango a kan amsa-amo guda, kuma yawanci daga tsakiyar waƙa take farawa, sa'ad da kalmomi masu sauƙin samu suka ƙare.

Maganin wannan ba buga tebur ba ne. Ka mayar masa da baitin cikin zance, ka ce, "Ga abin da na fahimta: mu gode wa Allah, hatsi zai yi yawa. Amma daga nan na ɓata. Da na ji fari sai zuciyata ta tafi ga rashin ruwa, ga shi kuwa waƙar murnar ruwa ce. Me ka nufa?" Ka lura, ba ka ce baitin ba shi da ma'ana ba. Ka ba da labarin abin da ya same ka kai mai sauraro, wannan kuwa ba mai iya musa maka shi. In ya ce ai farar dawa yake nufi, sai ka ce, "To, ranar taro ba za ka bi iyaye ɗaya ɗaya kana yi musu bayani ba." In Allah ya taimake shi sai ya sami irin wannan:

Hatsi zai fito har tudu har kwari.

Ƙafiya ta tsaya, kari ya tsaya, ma'ana kuma ta fito sarai, har an ga gonakin.

Wannan dabara ta mayar da waƙa cikin zance tana da amfani ga dukan waƙar, ba baiti guda kaɗai ba. Bayan ka ji ta sau biyu, ka gwada faɗin jigonta cikin jimla guda. Masu nazarin waƙa, irin su Abdulƙadir Ɗangambo a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, sun ba jigo da warwararsa babban matsayi, kuma da dalili. In abin da ka faɗa ya yi daidai da nufinsa, waƙa ta isar da saƙo. In ya saɓa, to, ku nemo tare baitin da hanya ta rabu.

Abin Da Ba A Yin Shiru A Kansa

Akwai abu biyu da ba su shafi gwaninta ba, amma su ne suka fi wajaba a faɗa ko da ran aboki zai ɓaci. A ce a baiti na 14 zuwa na 16 malamin nan ya bar zancen damina ya shiga yi wa wani mai ɓoye hatsi habaici, har ya kwatanta ƙofar gidansa da irin tafiyarsa, yadda duk wanda ke ƙauyen zai gane wanda ake nufi. A nan ba a kewaye-kewaye. Ka ce masa, "Malam, baitocin nan uku sun fita daga jigo, kuma kowa zai san da wa kake. Yara ne za su rera, watakila har da ɗan mutumin a cikinsu. Kai kuma a garin nan za ka ci gaba da zama." Ko ya cire ko ya bari, wannan nasa ne. Amma kada ranar ta zo ya ce ka gani ka yi shiru.

Na biyu, in ka ji wani ɗango da ka san na wani mawaƙi ne. Sau da yawa ba sata ba ce. Mutum yakan ji waƙa tun yana yaro ta zauna masa a ka, bayan shekaru ta fito ya zaci tasa ce. Saboda haka kada ka ce ya yi sata. Ka ce, "Wannan ɗango ya yi mini kama da na wane, bincika ka gani." In kai ka gane, lalle a cikin taro akwai wanda zai gane, shi kuwa ba a keɓe zai faɗa ba.

Iyakar Mai Gyara

Wani zai ce, to, ashe duk abin da bai yi mini ba sai in faɗa? A'a. Mai gyara ma yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakarsa ba ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa.

Da fari, ka rarrabe kuskure da son rai. Karyewar kari ana auna ta, duhun ma'ana ana gwada shi. Amma in kai ka fi son waƙar da ke buɗewa da doguwar addu'a, shi kuwa ya taƙaita tasa, wannan ba aibi ba ne. In za ka faɗa, ka sa masa alama, ka ce, "Wannan son raina ne kawai, kana iya watsar da shi." Wanda ya gauraya son ransa da ƙa'ida, ran da ya faɗi ƙa'ida ta gaskiya ba za a saurare shi ba.

Na biyu, karin harshe ba kuskure ba ne. In abokinka Basakkwace ne ko Bakatsine ya sa kalmar garinsu, kai Bakano kada ka ja mata jan layi. Abin tambaya kawai shi ne ko waɗanda za su saurara za su gane.

Na uku, awon nan na ta-tan-tan ba sarki ba ne a ko'ina. Ko a cikin aruli malamai sun yarda da waɗansu 'yan sauye-sauye a ƙafafun kari, kuma mawaƙa sukan ja gaɓar ƙarshen ɗango ko da gajeriya ce. Waƙar da aka yi don kiɗa kuwa, ko ta kalangu ce ko ta kayan kiɗan zamani, kiɗan ne ma'auninta, mawaƙi yana iya jan gaɓa ko ya matse ta yadda ya ga dama muddin bai saɓa wa kiɗan ba. In irin wannan aka kawo maka a rubuce, kada ka ƙidaya gaɓoɓi ka ce ta karye. Ka ce a rera maka tare da kiɗan, ko da tafi ne, sa'an nan ka saurari inda baki ya yi tuntuɓe.

Na huɗu, kada ka zube masa kaya duka rana guda. In ka ga aibi goma, ka zaɓi biyu ko uku waɗanda suka fi nauyi. Wanda aka nuna wa rami uku yakan cike su. Wanda aka nuna wa goma yakan jefa takardar cikin akwati, watakila ma ya daina waƙa. Kuma duk wannan a keɓe ake yinsa, kai da shi. Gyaran da aka yi a ɗakin malamai gaban mutum shida ya tashi daga gyara ya zama wasa da mutunci, ko da kowace kalma a ciki gaskiya ce.

In Ya Ƙi Fa?

Wani kuma zai ce, ai mutane ba su son gaskiya, in na faɗa zumunci zai lalace. Ban ce wannan tsoro ba shi da tushe ba. Akwai wanda in ya ce "duba mini" nufinsa "yaba mini". Maganin wannan shi ne ka tambaya tun da fari, "Malam, so kake in ji daɗinta kawai, ko kuwa so kake in sa ido irin na mai duba jarrabawa?" In ya zaɓi na farko, ka faɗi abin da ya burge ka da gaske ka tsaya nan, ba ka yi ƙarya ba, sai dai in akwai ɗaya daga abubuwan nan biyu da na ce ba a shiru a kansu. In ya zaɓi na biyu, shi ya buɗe maka ƙofa da hannunsa.

In kuma ka faɗa ya yi gardama, kada ka mai da abin kokawa. Ka faɗi dalilinka sau ɗaya a fili, in ya ƙi ka bar shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wani lokaci shi ne mai gaskiya, ya ji wani abu a waƙarsa da kai ba ka ji ba. Sau da yawa kuma wanda ya yi musu da rana, da dare in ya kaɗaita yakan ɗauko takardar ya buga yatsa a kan baiti na 7. In ka ga ya gyara, kada ka ce, "Ai na gaya maka." Waƙar tasa ce, gyaran ma nasa ne.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya kawo maka waƙarsa tun ba ta fita ba, ya nuna maka abin da bai nuna wa kowa ba, ya kuma ba ka amanar kunnenka. Hakkin wannan amana shi ne ka ji waƙar daga bakinsa, ka ambaci ɗangon da ya yi kyau da dalilinsa, ka nuna biyu ko uku da suka yi rauni da dalilinsu, sa'an nan ka mayar masa da alƙalaminsa. Allah ya ba mu abokan da za su gaya mana gaskiya tun muna cikin ɗaki, ya kuma ba mu zuciyar karɓarta. Amin.